Ma'anar "nabigeshan", da abin da ake ƙirgawa kafin a zaɓi salo

Kwanan nan duk wanda ya fara koyon haɗa manhaja a Jos sai ka ji "nabigeshan" a bakinsa. Har a wani shirin rediyo na ji baƙon yana cewa tab da durowa da sitak duk ado ne, kowa ya ɗauki wanda ya burge shi. Wannan magana ce ta sa na zauna rubutu.

Nabigeshan dai hanyar da mutum ke bi ne daga wannan shafi zuwa wancan a cikin manhaja. Tab su ne maɓallan da ke jere a ƙasan allo, irin na WhatsApp. Durowa jerin da ke ɓoye a gefe ne, sai ka taɓa layukan nan uku ya jawo kansa waje, kamar na Gmail, kuma sunan daga durowar tebur ya zo. Sitak tari ne: shafi a kan shafi kamar faranti, na sama kaɗai kake gani, in ka koma baya a ɗauke shi.

Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce ta Material Design, jagorar tsara manhaja ta Google: tab ɗin ƙasa na manyan sassa uku zuwa biyar ne, in sun yi yawa a koma durowa. A iPhone ma in tab ya wuce biyar, ragowar na tarewa a ƙarƙashin More. Ba son rai ba ne. Wayoyin Android da yawa faɗinsu 360dp ne, dp kuwa ma'aunin girma ne a kan allo. Raba biyar, kowane maɓalli ya sami 72dp, raba bakwai kuwa kusan 51dp, dab da 48dp ɗin da yatsa ke buƙata. A wannan matsi kalma kamar "Saituna" ma da ƙyar take shiga.

Inda ake tuntuɓe shi ne me ake ƙirgawa. Wani ƙanena ya kawo mini manhajar da yake yi wa dillalan kayan gwari na kasuwar Farin Gada. Ya ce, "Yaya, shafuka goma gare ni, sun wuce biyar, shi ya sa na zuba su a durowa." Na ja durowar: kaya, bayanin kaya, kwando, biya, rasit, odojina, inda oda take, asusuna, saituna, taimako. Na danna "biya". Allo ya fito fayau, ba tumatir ba dankali, sai sifili. To me zan biya?

Shafi daban, sashe daban. Ka ɗauki gidanmu na gargajiya. Ɗakunan da ƙofarsu ke kallon tsakar gida su ne manyan sassa, kana iya fita daga wannan ka faɗa wancan ba tare da ka ratsa ko ɗaya ba. Uwar ɗaka fa? Ba ta da ƙofa a tsakar gida, sai ka bi ta ɗakin gaba, kuma ta nan za ka fito. Ba wanda ke fasa mata ƙofa ta waje don kawai ita ma ɗaki ce. Shafin biya uwar ɗaka ne, ta kwando ake shigarsa. Rasit ya fi shi zurfi ma. Gwajin ke nan: in shafi ba ya da ma'ana sai an san daga inda ka fito, ba babban sashe ba ne.

Da muka sake ƙirgawa, goman nan suka koma huɗu: Kaya, Kwando, Oda, Asusu. Huɗu tab ne, ba gardama. Bayanin kaya ya shiga ƙarƙashin Kaya, biya da rasit ƙarƙashin Kwando, saituna da taimako suka kwanta a Asusu. Kowane tab da sitak ɗinsa a ciki. A React Navigation, kayan aikin da ake gina nabigeshan da shi, `createBottomTabNavigator` ne a waje, kowane tab kuma ya riƙe nasa `createNativeStackNavigator`. Shi ya sa jera sitak a matsayin kishiyar sauran biyun ke ba ni haushi, alhali a cikinsu yake zaune. Yana tsayawa shi kaɗai ne in sashe ɗaya tak gare ka, kamar manhajar rubuta bashi: jerin sunaye, ka danna suna ka ga abin da ake binsa.

Ita durowa, ban ɓoye ba, ba na ƙaunarta. Taɓawa biyu take ci a inda tab ke cin ɗaya, kuma abin da ido bai gani ba hannu ba ya nema. Ta dace da Gmail, inda akwatuna ke da yawa kuma mai waya na iya ƙara nasa. Amma sau tari in na ga durowa a ƙaramar manhaja, nakan tarar mai ita bai zauna ya ware ɗaki da uwar ɗaka ba ne. Ƙanen nawa bai cire tasa gaba ɗaya ba, ya bar "taimako" shi kaɗai a ciki maimakon a Asusu, wai yana son layukan nan uku.