Layin masu saye ba shi ne alamar kasuwa mai ɗorewa ba

An daɗe ana cewa duk hajar da ka ga mutane na rububinta to nan kuɗi yake, ka zuba jari kawai. Ba laifin masu faɗa ba ne, ido abin da ya gani yake yarda da shi, amma rububi yana nuna yau ne kaɗai.

Ku tuna lokacin da aka yi yayin ƙwan salwa a Najeriya, ana cewa maganin cututtuka ne kala-kala, farashi ya tashi, mutane suka yi ta kafa keji. To da yawan masu sayen tsuntsayen ba ci za su yi ba, su ma kiwon za su fara don su sayar wa wani, da kasuwa ta cika farashi ya faɗo aka bar mutane da kashe kuɗin abincin tsuntsaye kullum. Ƙwan kaji kuwa har yau mai shayi da mai biredi suna ɗaukar kiret-kiret, don ana cinyewa ne a dawo.

Yadda za ka gwada da kanka, ka saro kaɗan, ka riƙe littafi na wata 3 kana rubuta wa ya saya kuma wa ya dawo karo na biyu ba tare da ka yi masa talla ba. In kullum sababbin fuska ne, ko masu tambayar "a ina kake sarowa" sun fi masu amfani da kayan yawa, to yayi ne, kar ka ci bashi a kansa. Kuma kar gwajin ya faɗo kan azumi ko sallah, cinikin lokacin yana ruɗi.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa masu shirin fara sana'a.