Me Ya Sa Ake Kiran Wasu Sassan Jimla Tsibiri?

Masana nahawun tsirau, wato nazarin ƙa'idojin da ke samar da jimlolin harshe, suna cewa kalma tana ƙaura a cikin jimla. Da wace hujja?

Hujjar tana cikin bakinmu. Muna cewa "Binta ta san mutumin", amma idan muka mayar da wannan jimla zuwa ganga dogarau mai siffanta suna sai mu ce "mutumin da Binta ta sani". Karɓau ya bar mazauninsa na bayan aikatau ya koma goshi, kuma aikatau ɗin ya sauya daga "san" zuwa "sani" saboda gurbin da aka bari. Lamirin lokaci ma yana ba da shaida, domin "yara sun sani" yana komawa "mutumin da yara suka sani".

To, a inda ƙaurar ba ta yiwuwa, nisa ne yake hana ta?

Ba yawan kalmomi ba ne. "Ga mutumin da Audu ya ce Binta ta sani" jimla ce lafiyayya, ko da yake gurbin yana can cikin ganga ta biyu. Amma a gwada ciro "mutumin" daga "Ka ga yarinyar da ta san mutumin", sai a sami "Ga mutumin da ka ga yarinyar da ta sani", wadda kunnen Bahaushe ba zai karɓa da ma'anar cewa yarinyar ce ta san mutumin ba. Masanin harshe John Robert Ross ne ya kira irin waɗannan sassa tsibirai a kundin digirinsa na 1967, wato wuraren da ba a fitar da komai daga cikinsu, kuma ganga mai siffanta suna tana cikin fitattunsu.

A 1973 masanin harshe Noam Chomsky ya ɗora bayanin a kan kusanci: ƙaura tana tafiya zango-zango, kuma taku ɗaya ba ya tsallake iyakoki biyu. A jimlar "ya ce", kalmar tana yada zango a goshin gangar ciki kafin ta wuce. A jimlar "yarinyar da" kuwa an riga an cike wannan zangon, don haka dole a tsallake iyakar ganga da ta yankin suna lokaci guda.

Amma ai ina jin ana cewa "mutumin da ka ga yarinyar da ta san shi".

Haka ne, kuma a ganina nan ne Hausa ta fi ba da gudummawa. Wakilin suna "shi" ya cike gurbin, shi ya sa masana da dama, bisa binciken masaniyar harshe Laurice Tuller na 1986, suke ɗaukar cewa babu ƙaura a nan, alaƙa ce kawai tsakanin suna da wakilinsa. Sai dai mai gwaji ya kiyaye: Hausa tana barin a share karɓau idan ba mutum ba ne, kamar a tambaye ka littafi ka ce "na gani". Saboda haka gurbin littafi ba lallai ne ya nuna ƙaura ba, kuma gwajin tsibiri ya fi inganci idan karɓau ɗin mutum ne.