Cacar ƙwallon na'ura

Cacar ƙwallon na'ura, wadda ake rubuta wa Virtual a allon shagunan caca, caca ce da ake yi a kan wasan da babu ɗan Adam ko ɗaya da ya buga shi, domin kwamfuta ce ke yanke sakamakonsa, sannan ta nuna shi da hotuna masu motsi. A Legas ana samun ta a waya da kuma shagunan unguwanni irin su Agege da Obalende, kuma hukumar caca ta jihar ce ke ba kamfanoni lasisi.

Ana yanke sakamakon ne kafin a fara nuna wasan. Manhajar tana ba kowace ƙungiya kasonta na yiwuwar nasara, sai wani sashe da ake kira RNG ya fitar da lamba kamar yadda ake jefa ƙuri'a. A misali, a ce an ba mai masaukin baƙi kashi 50 cikin 100, kunnen doki 27, baƙo kuma 23. Idan lambar ta faɗo tsakanin 1 da 50 mai gida ya ci, daga 51 zuwa 77 an tashi canjaras, sauran kuwa na baƙo ne. Abin da ɗan caca ke kallo yana cizon yatsa labari ne da aka riga aka rubuta ƙarshensa.

Ribar kamfani tana ɓoye ne a cikin ninkin da yake biya. Abin da ke da yiwuwar kashi 50 ya kamata a ninka shi sau 2, amma idan aka biya 1.80, duk naira 1,000 da aka zuba naira 900 ce ke dawowa a matsakaicin lissafi. Wanda ke sa naira 500 a zagayen da ke sabuntawa duk minti 3 zai zuba naira 10,000 cikin awa guda, ya bar kusan 1,000 a can, alhali wasan gaske sai an jira minti 90.

Kamannin da yake yi da wasan gaske kuwa aikin gwanaye ne. Ana naɗar motsin 'yan wasa na zahiri a ɗora wa hotunan, a haɗa da muryar mai sharhi da sowar 'yan kallo, a sa ƙwallo ta daki turke ta dawo, a kuma ajiye teburin gasa da sunayen da ke kama da na ƙungiyoyin Ingila. Teburin ne ya fi ruɗar mutane. Za a ga mutum a shago da biro da takarda yana rubuta sakamakon baya, yana cewa ƙungiyar da ta sha kashi sau 4 a jere lokacinta ya yi, alhali na'urar ba ta riƙe abin da ya wuce, kuma a zagaye na biyar kason yana nan yadda aka tsara shi tun farko.