Gazawar Zuciya: Yadda Ciwon Ɓangaren Hagu da na Dama Ke Bayyana a Jiki

Gazawar zuciya wani hali ne da zuciya ke kasa tura jinin da zai wadatar da jiki, ko kuma ta iya turawa amma sai jini ya taru ya yi cunkoso a bayanta. Zuciyar ba ta tsaya ba, tana bugawa, sau da yawa ma da sauri fiye da ƙima. A karkarar Kano da Jigawa, abin da ya fi jawo ta shi ne hawan jinin da ya daɗe ba a sha magani ba. Bayansa akwai raunin tsokar zuciya da ke kama masu jego, da lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, da ƙarancin jini mai tsanani, da tsohon ciwon huhu.

Hanyar jini

Zuciya ɗakuna huɗu ce, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗauko iska. Ɓangaren hagu yana karɓar wanda ya dawo daga huhu ya watsa shi ga jiki duka. Kamar injinan ban ruwa biyu ne a kan kwata guda, ɗaya na miƙa wa ɗaya: duk wanda ya yi sanyi, ruwa zai taru a bayansa, gonar da ke gabansa kuma ta yi ƙishi. Abin da ke bayan hagu huhu ne. Abin da ke bayan dama kuwa jijiyoyin wuya ne, da hanta, da hanji, da ƙafafu. Wanda ya riƙe wannan zai iya gane asalin kusan kowace alama.

A jikin baligi mai lafiya, babban ɗakin hagu yana cika da jini kimanin mililita 120, ya fitar da kimanin 70 a kowane bugu, wato wajen kashi 58 cikin ɗari. Idan zuciya na bugawa sau 70 a minti, kusan lita 5 ke nan a minti. Idan wannan kason ya sauka zuwa 40 cikin ɗari ko ƙasa, ana cewa ƙarfin matsawar zuciya ya ragu. Akwai kuma wanda kasonsa lafiya lau, amma tsokar ta yi kauri ta sandare saboda hawan jini, ba ta buɗewa ta karɓi jini da sauƙi. Shi ma jini na taruwa a huhunsa.

Abin da ƙoda ke yi

Da zarar jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sai ta ɗauka jiki ya yi asarar jini ne. Sai ta saki sinadarin renin, wanda ke tayar da wasu sinadarai biyu, anjiyotensin da aldosteron. Na farko yana ƙuntata jijiyoyin jini, na biyu yana hana gishiri fita ta fitsari, kuma inda gishiri ya zauna ruwa na zama. Jijiyoyin laka su ma suna ƙara wa zuciya gudu. Ga wanda ya zubar da jini wannan tsari ceto ne. Ga mai raunin zuciya kuwa ƙarin kaya ne: ana ƙara mata ruwan da za ta tura, ana kuma ƙuntata hanyar da za ta tura shi. Da farko ƙarin cikar na sa tsokar ta miƙe ta matsa da ƙarfi, amma idan miƙewar ta wuce iyaka sai ɗakin ya buɗe ya yi laushi. Shi ya sa hoton ƙirji ke nuna zuciya ta yi girma alhali ƙarfinta raguwa ya yi.

Idan hagu ya gaza

Matsin jini a ƙananan jijiyoyin huhu yakan tsaya wajen 6 zuwa 12 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Idan hagu ya kasa kwashewa, matsin ya hau, ruwa ya fara tsattsafowa cikin naman huhu, huhun ya yi nauyi ya ƙi buɗewa. Mara lafiya zai fara da haki wajen aikin da ya saba: daka, jan guga a rijiya, tafiya masallaci. Idan matsin ya kai wajen 25, ruwa na shiga cikin ƙananan buhunan iskar huhu su kansu. A nan ne ake ganin tari da kaki mai kumfa, wani lokaci da ɗan ja-ja, da gumi mai sanyi, da firgici. Wannan hali ne na gaggawa. A zaunar da mutum, a sauke ƙafafunsa ƙasa, a kai shi asibiti nan take. Kada a kwantar da shi a cikin mota ko a amalanke.

Alamar da ta fi nuna hagu ita ce kasa kwanciya a miƙe. Idan mutum na tsaye ko zaune, wani kaso na jininsa yana ƙafafu da ciki. Yana kwanciya, rubu'i zuwa rabin lita ya gangaro ƙirji, raunanniyar zuciya ta kasa karɓa, numfashi ya sarƙe cikin 'yan mintuna. Saboda haka ma'aikacin lafiya ke tambaya, "Baba, da matashi nawa kake kwana?" A gidan da tabarma ake shimfiɗawa, tambayar da ta fi dacewa ita ce ko yana iya kwanciya, ko kuwa jingina yake da bango har asuba. Akwai kuma farkawar tsakar dare. Bayan awa ɗaya zuwa uku da yin barci, ruwan da ya wuni a ƙafafu ya gama komawa cikin jijiya, sai mutum ya zabura kamar an shaƙe shi, ya fita tsakar gida neman iska, ya yi kusan rabin awa kafin ya samu kansa. Sau da yawa iyali na danganta wannan da iskokai ko dannau, a yi ta hayaƙi, hayaƙin kuma ya ƙara wa huhu wahala.

Idan aka saurari bayan ƙirji da na'ura, ana jin ƙaramar ƙara mai tsatsatsa a ƙasan huhu biyu lokacin shaƙar iska. Wasu kuma numfashinsu na fito kamar na mai fuka, domin ruwa ya kumbura hanyoyin iska. Dattijon da bai taɓa yin fuka ba, ya fara ta a shekara 60, a duba zuciyarsa tukuna. Rashin isar jini gaba kuwa shi ke kawo kasala, da sanyin hannu da ƙafa, da ƙarancin fitsari da rana, da rikicewar tunani ga tsofaffi.

Idan dama ya gaza

Abin da ya fi kayar da dama shi ne gazawar hagu. Bangon ɗakin dama siriri ne, an gina shi don tura jini cikin huhu mai sauƙin matsi. Idan huhu ya cunkushe, sai ya gaji. Yana kuma gazawa shi kaɗai ga wanda huhunsa ya lalace da tarin fuka ko hayaƙin itace na shekaru.

Alama mafi amfani tana wuya, kuma ba ta buƙatar na'ura. A jingina mara lafiya rabin zaune rabin kwance, a juya kansa kaɗan zuwa hagu, a duba jijiyar gefen dama a wuri mai haske. Idan saman jinin da ke motsi a cikinta ya wuce santimita 3 zuwa 4 a tsaye daga tudun ƙashin tsakiyar ƙirji, wato kusan faɗin yatsu biyu, matsin ya hau. Idan aka danna saman ciki na daƙiƙa 10 jijiyar ta ƙara cika ta tsaya a haka, ya ƙara tabbata.

Hanta na kumbura, fatar da ta lulluɓe ta ta miƙe, sai a ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Hanji ma na jiƙa, abinci ya fita a rai, loma kaɗan ta cika ciki, kuma mutane da yawa kan yi watanni suna shan maganin gyambon ciki a kan haka. Kumburin ƙafa yana bin nauyi: yana farawa daga idon sawu a ƙafa biyu, ya ƙaru da yamma, ya hau ƙwauri da cinya. A danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri na daƙiƙa 5 zuwa 10, rami zai zauna. Wanda ya daɗe a kwance, a kwankwasonsa ruwan yake, ƙafarsa na iya yaudarar mai dubawa. Kumburin ƙoda yakan fara ne a fuska da safe. Na ciwon hanta kuwa ciki ne ke fara cika, jijiyar wuya kuma ba ta hawa.

Akwai abu guda da ke ruɗar iyali. Idan dama ya yi rauni sosai, jinin da yake turawa huhu na raguwa, sai hakin kwanciya ya ɗan lafa yayin da ƙafafu da ciki ke ƙara cika. Ba sauƙi aka samu ba, ciwon ne ya ci gaba.

Misalin mai jego

Likitoci a Zariya sun bayyana yawaitar gazawar zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa tun shekarun 1970. Tana zuwa a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. A ɗauki mace mai shekara 24, mako shida da haihuwa. Ta fara haki idan ta goya jariri, aka ce gajiyar jego ce. Bayan mako guda ta koma kwana a jingine, tana tari da dare: hagu ke nan. Bayan wasu makonni biyu takalminta ya daina shiga, cikinta ya yi tauri, jijiyar wuyanta ta cika har kusa da muƙamuƙi: dama ya biyo baya. Nauyinta ya tashi daga kilo 52 zuwa 58 alhali ba ta cin abinci, kuma tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 6 take ɗauke da shi.

A hoton zuciya, ɗakinta na hagu na cika da mililita 200 yana fitar da 50 kacal, kashi 25 cikin ɗari. Zuciyarta na bugawa sau 110 a minti, wato lita 5 da rabi. Da wannan gudun take biyan bukatar jiki idan tana zaune, kuma ba ta da wani rarar da za ta ƙara idan ta miƙe ta yi aiki. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, don haka kowane kofi na kunun kanwa ƙarin ruwa ne da ƙodarta za ta riƙe. Zafin wankan jego kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙara gudu. Dole a dakatar da su biyun, kuma wannan magana da uwar miji da uwar mai jegon ake yin ta, domin su ke dama kunun su ke dafa ruwan.

Maganin fitsari irin su furosemayid yana sauke ruwan, numfashi ya buɗe cikin kwanaki, amma ba ya gyara tsokar. Masu kare tsokar su ne magungunan da ke danne anjiyotensin da aldosteron da masu rage gudun zuciya, waɗanda likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa, ana shan su ko kumburi ya tafi. Abubuwan da suka fi mayar da mutum baya su ne barin magani, da gishiri da dunƙulen miya, da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ake saye a kemis, domin suna sa ƙoda riƙe ruwa. A riƙa hawa sikeli guda da safe bayan fitsari. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a koma asibiti kafin numfashi ya sarƙe. Macen da ta taɓa wannan ciwo kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai an sake hoton zuciyarta an tattauna da likita, domin idan ƙarfin bai dawo ba, cikin gaba na iya zama ajalinta.