Rahoton Hatsari a Wurin Aiki: A Rubuta Abin da Ya Faru, A Bar Neman Mai Laifi

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2010, ta ɗora wa ɓangarori biyu nauyi idan aka yi hatsari a bakin aiki. Ma'aikacin da ya ji rauni, ko iyalinsa idan ya rasu, zai sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Mai kamfani kuma zai kai rahoto ga hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar ma'aikata, cikin kwana 7 da faruwar abin, amma idan rai ne ya salwanta, nan take. Dokar Masana'antu ta ƙara da cewa duk hatsarin da ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3, sai an sanar da jami'in duba masana'antu a rubuce.

Abin da dokar ta 2010 ta nema a rahoton ba shi da yawa: suna da adireshin ma'aikacin, lokaci da wurin da abin ya faru, irin raunin, da suna da adireshin likitan da ya duba shi. Ba ta nemi a faɗi mai laifi ba. Kamfanoni na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a wani asusu, daga nan ake fitar da diyya, ba tare da sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin wani a kotu ba. Shi ya sa ɗora laifi a rahoto ba ya rage wa kamfani komai, sai dai ya jawo gardama.

A ɗauka a wata masana'antar casar shinkafa bel ɗin inji ya kama hannun ma'aikaci. Shugaban aiki, cikin ɓacin rai, sai ya rubuta: "Saboda sakaci da ganganci ya cusa hannu cikin inji, kamar yadda ya saba." A wannan jimla babu abin da mai bincike zai iya aunawa. Sakaci hukunci ne. "Kamar yadda ya saba" zargi ne marar shaida, domin ba a kawo rana ko takardar gargaɗi ba.

Ga yadda ya kamata a rubuta: "Da ƙarfe 2:40 na rana, buntu ya toshe bakin inji na biyu. Ma'aikacin ya sa hannun dama don ya cire shi, inji yana aiki. Bel ya kama yatsu biyu. Babu murfin kariya a kan bel ɗin a lokacin. Littafin gyara ya nuna an cire shi kwana 4 kafin nan. Makashin injin yana da nisan mita 6 daga wurin. An kashe injin, an ɗaure raunin, an kai shi asibiti da ƙarfe 3:05."

Rubutu na biyu bai wanke kowa ba, ya faɗi ƙarara cewa an sa hannu inji na tafiya. Amma ya fito da abubuwa biyu da na farko ya binne, wato murfin da ba a mayar ba da makashin da ya yi nisa. Waɗannan su za su sake cin hannun wani gobe, ko da an kori wannan ma'aikacin yau.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Kowace jimla a tambaye ta: ganin wannan aka yi, aunawa aka yi, ko a takarda aka karanta? In ba ko ɗaya, ra'ayi ne. Maganar shaida kuwa a jingina ta ga mai ita: "Mai ɗinkin buhu ya ce ya ji ƙara, sannan ya ga injin ya tsaya." A lura, ji ya yi, bai ga lokacin da hannu ya shiga ba, kada a rubuta kamar ya gani. A ji shaidu ɗaya bayan ɗaya a ranar, domin in suka kwana suna tattaunawa, labarinsu kan narke ya zama ɗaya. Shi ma wanda ya ji raunin a rubuta nasa bayanin da kalmominsa, a karanta masa kafin ya sa hannu. Girman rauni kuma aikin likita ne, shugaban aiki kada ya rubuta "ɗan rauni ne".

Ra'ayi yana da wurinsa, a sashe dabam mai taken hasashe da shawarwari, inda za a ce "muna ganin" a kuma kawo dalili. Nan ne za a ba da shawarar mayar da murfi, matso da makashi kusa, da tanadar sandar cire buntu. Batun ladabtarwa, idan akwai, takardarsa dabam. Muddin ma'aikata suka ga rahoto ya zama hanyar kora, wanda ya cire murfin ba zai taɓa faɗin abin da ya hana shi mayarwa ba.

A ɗauki hoton injin kafin a gyara komai, a sa kwanan wata, a ba ma'aikacin kwafi, domin yana da shekara 1 daga ranar hatsarin ya shigar da buƙatar diyyarsa.