Reshe mai kyan gani ba lallai shi ne mai haihuwa ba

Masu lambu da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa reshen da ya fi tsayi da yawan ganye shi zai fi ba da 'ya'ya. Idan aka nuna musu hoton bishiyar lemo, sai ka ji sun ce a bar miƙaƙƙen tohon nan da ya taso sak daga tsakiya, ai shi ne lafiyayye. Alhali shi ya kamata a fara zargi.

Irin wannan toho yakan fito bayan an yi wa bishiya sara mai yawa. Za ka gane shi a hoto: a tsaye yake kamar sanda, ganyensa manya, da tazara tsakaninsu, wani lokaci har da dogayen ƙayoyi. Abincin bishiya yake sha, ya hana rana shiga, haihuwa kuwa sai a hankali. A cire shi daga gindinsa, domin in an datse shi a tsakiya, biyu ko uku za su fito. Wanda ya fito ƙasa da inda aka yi wa bishiyar aure kuwa, wato inda aka haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, babu ma shawara, cirewa za a yi.

Rassa biyu da suka giciye suna gogar juna, a cire wanda ya nufi ciki.

Busasshen reshe ne hoto ke yaudara a kai. Rashin ganye ba mutuwa ba ne, ƙishirwar rani ma takan sa ganye ya zube. Sai ka je ka kankare ɓawon da farce. In kore ne a ƙasa, bar shi. In ruwan ƙasa ne kuma ya karye ƙas, yanke har inda itacen yake ɗanye.