Hutun aikin Hajji: tambayoyin da ba sa ƙarewa a ofishina

Na biya kujerata tun bara. Har sai na rubuta takardar neman hutu?

Eh, sai ka rubuta. Hukumar alhazai ka biya, ba ita ta ɗauke ka aiki ba. Kuma wanda ya tsayar da shugabansa a baranda ya ce masa “Ranka ya daɗe, bana da ni,” sanarwa ya yi. Rubuta a takarda, da kwanan wata, shugaban sashenka ya sa hannu, a kawo mana sashen kula da ma'aikata.

Yaushe ya kamata in miƙa takardar?

Ranar da ka tabbatar da kujera. Kada ka jira biza, domin takan fito dab da tafiya, lokacin da babu sararin koya wa wani aikinka. Wata uku kafin tafiya ya yi daidai, mako biyu ya yi kaɗan. Tun da kana nan, ka yi allurar rigakafin sanƙarau da wuri: Saudiyya na buƙatar a yi ta aƙalla kwana 10 kafin a shiga ƙasar, kuma ba na son ranar miƙa aiki ka ce min ka tafi asibiti.

Da albashi ne ko babu?

Duba takardar ɗaukarka aiki da dokar ƙwadago ta inda kake. Dokar Saudiyya, alal misali, ta ba ma'aikaci hutun Hajji da albashi na kwana 10 zuwa 15, har da hutun Babbar Sallah a ciki, sau ɗaya a tsawon aikinsa, bayan ya yi shekara biyu a jere, kuma idan bai taɓa sauke farali ba. Wannan ya dace da mai zama kusa da Makka. A wurare da dama babu wani hutu na musamman, sai a cire daga hutun shekara, abin da ya ragu ya zama hutu ba albashi. Duk wanda aka zaɓa, a rubuta shi cikin takardar amincewa da adadin kwanaki. Rigimar albashi bayan an dawo ita ce mafi muni, don a lokacin aljihun alhaji a bushe yake.

Ni ce shugabar sashe. Ma'aikacina ya ce bai san ranar da jirginsu zai tashi ba, balle ranar dawowa. Wace rana zan rubuta a takardar amincewa?

To, Hajiya, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Farko dai kada ki zarge shi, gaskiya ya faɗa miki.

Aikin Hajji kansa gajere ne, daga 8 ga Zulhijja zuwa 12 ko 13. Amma shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, saboda haka kowace shekara ranakun suna matsowa gaba da kwana 10 zuwa 12 a kalandar da ofis ke aiki da ita. An yi hawan Arfa ranar 27 ga Yuni a 2023, ranar 15 ga Yuni a 2024, sai 5 ga Yuni a 2025. Wanda ya kwafi takardar bara ya sauya shekara kawai ya riga ya yi kuskure. Sannan ba a tabbatar da ranar sai an ga jinjirin watan Zulhijja a Saudiyya, wato kusan kwana tara kafin Arfa, kuma hakan na iya motsa lissafi da kwana ɗaya. Wannan kwana ɗayan ba shi ne matsalarki ba. Matsalar jigila ce. Wanda ya bi ta hukumar alhazai ta gwamnati sawu-sawu ake kwasarsu, ana fara tafiya makonni kafin Arfa, kuma yawanci wanda ya riga tafiya shi ke riga dawowa. Zaman wata guda zuwa kwana arba'in ba abin mamaki ba ne. Wanda ya bi kamfanin yawon buɗe ido kuwa, sau da yawa yana da tikiti mai ranar tafiya da ta dawowa, zamansa na iya zama mako biyu ko uku. Don haka tambayar farko da za ki yi masa ita ce: ta ina ka bi?

Idan mai tikiti ne, rubuta ranakun tikitin, ki ƙara kwana biyu ko uku a ƙarshe, an gama. Idan mai jiran sawu ne, ni rana uku nake rubutawa: ranar aikinsa ta ƙarshe, ranar da ake sa ran ya dawo bakin aiki, da ranar da idan ta wuce sai an sake sabuwar amincewa.

Ga misali da kalandar 2025. Ki ɗauki mai lissafin albashi, ofis mai aiki Litinin zuwa Juma'a, yana da hutun shekara na kwanakin aiki 20. An ce masa sawunsu zai tashi wajen tsakiyar Mayu. Sai mu sa Juma'a 9 ga Mayu ranar aikinsa ta ƙarshe, hutu ya fara Litinin 12 ga Mayu. Arfa ta faɗo Alhamis 5 ga Yuni, jifa ta ƙare Litinin 9 ga Yuni ga wanda ya cika kwanakin Mina. Tun da yana cikin sawun farko, mu sa ran zai sauka gida a makon 16 ga Yuni, ya dawo ofis Litinin 23 ga Yuni. Daga 12 ga Mayu zuwa 20 ga Yuni mako shida ne cif, kwanakin aiki 30. A ce ofis ya ba kowa hutun Sallah na kwana biyu, waɗannan ba a lissafa masa su, saura 28. Hutun shekara ya ɗauki 20, kwana 8 suka rage, su ne za a bayyana ko da albashi ko babu. Ranar ƙarshe ta amincewar kuma mu sa Litinin 30 ga Yuni, wato rarar kwanakin aiki biyar, waɗanda ba za a taɓa su ba sai jirgi ya makara.

Lura da abin da ya faɗa cikin makonnin nan shida: albashin Mayu gaba ɗaya, da shirin na Yuni. Wannan shi ne ainihin abin da kike amincewa da shi, cewa wani ne zai biya albashi sau ɗaya, ƙila ma sau biyu.

Ban ce wannan tsari ba ya karyewa ba. Akan sauya wa mutum sawu, a kira shi kwana biyar kafin lokacin da ya zata, ko ya yi mako yana zaune a gida da jaka a ɗaure. Don haka nakan ƙara layi ɗaya: idan an matso da tafiyar, hutu ya fara nan take, idan an ɗage, ya ci gaba da zuwa aiki, kwanakin su koma ƙarshen hutun. Wannan yana aiki ne kawai idan an gama miƙa aiki mako guda kafin ranar aikinsa ta ƙarshe. Kuma rarar kwana biyar ɗin ra'ayina ne, babu dokar da ta faɗe ta. Ofis mai mutum uku ƙila ba zai iya ɗauka ba, a nan sai ku yi magana ta gaskiya tun kafin ya tafi a kan abin da zai faru da albashin kwanakin da suka wuce.

Me zan rubuta a takardar miƙa aiki?

Abin da zai taso kana can, da ranarsa, da sunan wanda zai yi shi. Jerin ayyukanka na yau da kullum ba ya amfanar kowa, muna da shi a fayil. Rubuta min: rahoton kaza ranar kaza, wance za ta aika, kuɗin ɗan kwangila kaza na jiran sa hannu, ga inda takardar take, maƙullin akwatin kuɗi yana hannun wane, an ƙirga abin da ke ciki, mun sa hannu mu biyu. Mutum ɗaya ne mai riƙon ƙwarya. Idan ka rubuta “sashe zai kula,” babu wanda zai kula.

Abin da aka fi mantawa shi ne ikon amincewa. Idan kai ne ke sa hannu a banki, ko kai ne ke danna amincewa a manhajar biyan kuɗi, a canza wannan a hukumance tun kana nan, don banki ba ya yi a yini ɗaya. Kuma don Allah a daina ba abokin aiki kalmar sirri a takarda. Duk abin da aka yi da ita, sunanka ne zai fito lokacin bincike, kai kuwa kana Mina. A buɗe wa mai riƙon ƙwarya nasa izinin, mai ranar ƙarewa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: mako na ƙarshe, mai riƙon ya yi aikin, mai tafiya ya zauna gefe yana kallo. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, nan takardar ke da rami.

Ni shugabar sashe, zan iya kiran ma'aikacina idan wani abu ya taso?

A'a. Daga 8 zuwa 13 ga Zulhijja, ki ɗauka ba shi da waya. Idan har sai an kira shi, miƙa aikin ne bai yi kyau ba, kuma ke kika sa hannu a kai.

Mutum uku a sashe ɗaya duk sun nema. Yaya zan yi?

Ki sa ƙa'ida a rubuce kafin ki duba sunaye. Mai sauke farali yana gaba da mai komawa karo na biyu, sai wanda ya riga miƙa takarda. Mai Umara ana iya roƙonsa ya matsa, tun da ana yinta kusan duk shekara. Hajji ba ya matsawa. Ma'aikaci Kirista mai zuwa ziyarar ibada Urushalima, ko mai wani addini, wannan ƙa'idar ce ta hau kansa, da takarda iri ɗaya.

Na sauka ranar Alhamis, takarda ta ce in dawo Litinin, amma tari ya kama ni kuma baƙi ba su daina zuwa ba.

Barka da dawowa, Alhaji, Allah ya karɓa. Baƙi su zo da yamma. Tari kuwa kusan kowa na dawowa da shi, kada ka tayar da hankali. Amma idan da zazzaɓi ko numfashi na yi maka wuya, je asibiti ka gaya musu daga ina ka dawo, ka aiko mana da takardar likita. Daga nan ya zama hutun rashin lafiya, lissafinsa daban, ba a cire shi daga rarar da aka tanadar wa jirgi.

Jirginmu ya makara, ranar dawowata za ta wuce.

Aiko da saƙo ranar da ka ji, tare da hoton sanarwar sawun idan akwai. Layi biyu sun isa. Wanda ya sanar, ina da abin da zan rubuta a fayil ɗinsa. Wanda ya yi shiru har ranar ƙarshe ta wuce, takardarsa za ta nuna bai zo aiki ba ba tare da izini ba, kuma ni ne zan sha wahalar gyara ta.

Ranar da na dawo, zan karɓi aikina nan take?

Ba kafin ku zauna da mai riƙon ƙwarya ba. Ku ɗauko takardar nan ta miƙa aiki, ku bi ta layi-layi: an yi, ba a yi ba, an canza. A sake ƙirga kuɗi da maƙullai, a rufe izinin da aka buɗe masa, a sanar da banki. Abin da ya yanke kana can ya zauna, sai dai idan kuskure ne a fili. Awa biyu suka isa wannan zaman, ka sa shi da safiyar ranar farko kafin ka buɗe saƙonninka.